Kwalba mai murfin maganaɗisu da lamba 5W01 a gindi: wane turare ne, kuma orijina ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji, dan Allah a taimaka min. Wata mai kawo min kaya ce ta sayar min da turaren maza dubu 35, na saya wa maigida. Ta ce testa ne shi ya sa babu kwali. Kwalbar shuɗiya ce mai duhu, zagayayya, murfin baƙi yana mannewa da kansa kamar mayen ƙarfe, a samansa akwai CD. Rubutun gaba ya fara gogewa, amma ana iya karanta EAU DE PARFUM da 100 ml, a gindi kuma an rubuta 5W01. Na sa lambar a intanet ta nuna min Satumba 2015, mai kayan ta ce ai wannan shi ne shaidar orijina ne tsohon zubi. Wane turare ne wannan, kuma na gaske ne?

Wa alaikumussalam Hajiya. Turaren dai Sauvage ne na kamfanin Dior, ko in ce kwalbar Sauvage ce, don wannan siffa da kika zayyana ba ta da na biyu. Amma maganar na gaske, ki yi haƙuri, ban ga alama ba, kuma abin dariyar shi ne lambar da ta kafa hujja da ita ita ce ma ta tona asirin kwalbar. Bari in bi miki abin a hankali yadda gobe ko ba ni ke ma za ki iya dubawa da kanki.

Mu da muka daɗe a harkar nan, in aka miƙo mana kwalba ba suna, ba ma fara shinshinawa, siffa muke fara kallo. Manyan kamfanoni kowanne yana kashe kuɗi ya sa a zana masa kwalbar da ko daga nesa aka hango an san ta waye. Mai kama da sandar zinare 1 Million ce ta Paco Rabanne, mai kama da ƙirjin namiji ba kai ba hannu Le Male ce ta Jean Paul Gaultier, takalmi mai tsini Good Girl, tauraro Angel, mai dogon wuya da zobba kamar na matan da ke jera sarƙa a wuya J'adore. Shuɗi mai duhu da murfin maganaɗisu kuwa, biyu ne suka fi yawo a hannun mutanenmu, Bleu de Chanel da Sauvage. Ta Chanel mai kusurwa huɗu ce, faffaɗa, tambarin C biyu masu sarƙe da juna a kan murfi. Ta Dior zagayayya ce kamar gwangwani, launin ya yi duhu sosai a sama yana washewa in ya gangaro ƙasa, murfin yana da layi-layi da suka kewaye shi, CD a ka, wato Christian Dior. To kin ga taki ta biyun ce.

Sai dai gane siffa abu ɗaya kawai yake gaya miki, wato wa aka kwaikwaya. Bai ce miki komai ba a kan wa ya ƙera.

Yanzu mu zo kan lambar, don nan ne maganar take. Abin da ake kira bach kod lambar zubi ce, kamfani in ya haɗa turare tukunya guda ya ɗura a dubban kwalabe, duk kwalaben wannan zubin lamba ɗaya ake buga musu, saboda in matsala ta taso a san wane zubi za a janyo daga kasuwa. Ba lambar kwalbarki ce ita kaɗai ba kamar lambar IMEI ta waya. Wannan shi ne abin da yawancin mutane ba su gane ba. Mai yin jabu kwalba ɗaya tak ta gaske yake buƙata, ya juya gindinta ya kwafi lambar, ya buga ta a kan kwalabe kwantena guda. Shafuka irin su CheckFresh da CheckCosmetic da kuke sa lamba a ciki, ba su da wata alaƙa da rumbun ajiyar kamfanin, ba su san kwalbarki ba, lissafi kawai suke yi su fassara haruffan zuwa wata da shekara. Ko ni yanzu na ƙirƙiri lamba daga kaina matuƙar ta bi tsarin, kwanan wata zai fito tsaf. Saboda haka duk wanda ya ce miki "ai na duba kod ya fito, orijina ne", ko dai bai sani ba ko kuma ya sani yana so ya yi miki rufa-ido.

To meye amfanin lambar kenan? Amfaninta kama maƙaryaci. Ba ta iya rantse miki cewa kwalba ta gaske ce, amma in ta saɓa da abin da ke jikin kwalbar, shikenan magana ta ƙare.

Ga yadda ta Dior take. Kamfanin bai fito ya yi shela da tsarin ba, masu tara turare ne suka yi ta gwada kwalabe da shekarun da aka saye su har tsarin ya fito fili, kuma a iya shekarun da na yi ina juya gindin kwalabe ban ga ya saɓa ba. Gurbi huɗu ne. Na farko lamba ce, ita ce ƙarshen shekara. Na biyu harafi ne, shi ne wata. Biyun ƙarshe na zubin ne, ba ruwanmu da su. To tunda lamba ɗaya ce ke nuna shekara, 5 za ta iya zama 2005 ko 2015 ko 2025, ta yaya za a bambance? Sai kamfanin ya yi dabara, duk shekara goma yana canza jerin haruffan watanni:

```
1998-2007 da 2018 zuwa yau:  A B C D E F G H J K L M
2008-2017:                   N P Q R S T U V W X Y Z
```

Ki ƙirga daga Janairu zuwa Disamba, goma sha biyu ne kowane layi, an tsallake I da O don kar a ruɗa su da 1 da 0. A layi na biyu W ita ce ta tara, Satumba kenan, kuma tunda a layin 2008 zuwa 2017 take, 5 ɗin nan 2015 ce babu wata. Har nan shafin bai yi miki ƙarya ba, mai kayan ma ba ta yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Sauvage ba iri ɗaya ba ne. Na farko da ya fito a 2015, wanda François Demachy ya haɗa, Eau de Toilette ne. Eau de Parfum bai shigo kasuwa ba sai 2018, sannan Parfum a 2019, sai Elixir a 2021. Kwalbarki ta ce ita Eau de Parfum ce, gindinta kuma ya ce an ɗura ta a Satumba 2015, shekara biyu da wani abu kafin a san da wannan nau'in a duniya. Kamar a kawo miki takardar haihuwar yaro ce ki ga kwanan watan ya riga auren kakanninsa. Da 7Y ko 7Z na gani da ban yi musu ba, domin kayan da za a fitar farkon 2018 dole an fara ɗura su ƙarshen 2017. Da na Satumba 2025 ne kuma da 5J za ki gani ba 5W ba. To ta ko'ina aka ɓullo, 5W01 ba ta da wurin zama a kan Eau de Parfum. Abin da ya faru a fili yake, masu jabun tun lokacin da suka fara kwafar Sauvage na farko suka saita injin buga lambarsu, da suka koma yin sabon nau'i suka canza rubutun gaba, gindi kuwa ba wanda ya damu ya taɓa, don sun san cikin mutum ɗari da ƙyar ɗaya zai lissafa.

Ki lura wannan tsarin na Dior ne, Guerlain da Givenchy ma da shike gida ɗaya suke a ƙarƙashin kamfanin LVMH suna bin irinsa, amma kar ki ɗauka ki ɗora a kan kowa. Tom Ford gurbi uku ne kamar A59, harafin farko zubi, na tsakiya wata, na ƙarshe shekara. Chanel lambobi huɗu ne zalla kuma suna zagayowa bayan 'yan shekaru, shi ya sa a nasu ma sai an haɗa da siffar kwali kafin a ce ga shekara. Turarukan Dubai irin su Lattafa su sun hutar da kowa, ranar haɗawa da ranar ƙarewa ɓaro-ɓaro suke bugawa.

Sannan banda abin da lambar ta faɗa, akwai yadda aka rubuta ta. Ki sa farce ki kankare a hankali, ko ki diga turaren kansa a auduga ki goga. Ta gaske yawanci ba ta fita da wannan, ko dai an zana ta ne a jiki da leza ko tawada ce mai kama jiki. In ta bi audugar, kin samu amsa ta biyu. In da akwai kwali kuma, lambar gindin kwali da ta gindin kwalba dole su zama ɗaya harafi da harafi, kuma a yawancin manyan kamfanoni lambar kwali daban ake buga ta bayan an gama kwalin, za ki ga ko an danna ta ta lotsa ko tawadarta ta bambanta da sauran rubutu. In kika ga lambar ta saje da sauran rubutun kwali, launi ɗaya sulɓi ɗaya kamar tare aka buga su a madaba'a, to ki yi shakka, don hakan na nufin duk kwalayen da suka buga lamba ɗaya ce a jikinsu har abada.

Maganar rubutun gaba da ya fara gogewa ma ba ƙaramar magana ba ce. Ina da kwalaben Sauvage da suka ƙare shekara da shekaru, suna cikin durowa suna gogayya da makullai da caja, rubutun na nan daram. Rubutun da zai goge tun turaren bai kai rabi ba fenti ne aka shafa sama-sama.

Mu dawo kan murfi, don ina so ki ɗauko kwalbar ki riƙe yanzu kina karantawa. Da can maganaɗisu kaɗai ya isa shaida, jabun farko-farko murfin turawa ne da su, ka danna ya ce ƙwas. Yanzu an wuce nan, kusan duk kwafi mai ɗan tsada yana da maganaɗisu, saboda haka mannewa kawai ba ta isa ba, yadda yake mannewa ake dubawa. Na gaske in kika kawo shi kusa da wuyan kwalba fizgewa yake daga hannunki ya zauna daidai da wata ƙara mai nauyi, kuma in ya zauna ba ya rawa, ba rata tsakaninsa da kafaɗar kwalba. Na jabu ko ya yi sanyi-sanyi sai kin taimaka masa, ko in kin girgiza ki ji wani abu na ƙwacal-ƙwacal a ciki, maganaɗisun ne da aka liƙa da gam ya fara saki. Ki auna shi a tafin hannu, na gaske yana da ɗan nauyi da ba za ki zata ba ga ƙanƙantarsa. Ki leƙa cikinsa da tocilan waya, a na Sauvage akwai ɗan zanen ƙudan zuma a can ƙasan ciki, tsohuwar alamar gidan Dior ce. Masu jabu na yanzu suna sa shi su ma, amma nasu sau da yawa sai ya fito kamar ƙuda da aka take, fukafukan sun cakuɗe, gefen robar kuma da ɗan kaifi-kaifi inda aka ɓalle ta daga mazubi. A Bleu de Chanel akwai wani abu mai daɗi, duk yadda kika ɗora murfin maganaɗisun zai juya shi tambarin ya miƙe daidai da fuskar kwalba. In ya tsaya a karkace ko ta ina, to da sauran bincike.

Gilashi kuwa sai an ɗaga shi a haske, hasken rana ya fi, ki tsaya bakin taga. Akwai wata magana da ke yawo wai kwalbar orijina ba ta da layin haɗi a gefe, wannan ba gaskiya ba ne. Kusan duk kwalbar turare a mazubi mai ɓari biyu ake hura ta, ko ta kamfanonin gilashi na Faransa irin su Pochet du Courval da Verescence masu yi wa manyan gidaje aiki, layin yana nan. Bambancin shi ne nasu an goge shi ya kwanta, ido zai iya gani amma yatsa da ƙyar ya ji, na jabu kuwa farce yana maƙalewa a kai. Abin da ni na fi dubawa shi ne gindi ta ciki. Ki kalli inda ruwan turaren ya zauna a kan kaurin gilashin ƙasa, a ta gaske shimfiɗe yake daidai ko'ina, a ta jabu sai ki ga gefe ɗaya ya fi tudu kamar tuwon da aka kwashe a karkace. Sai ƙananan kumfa da suka daskare a cikin gilashin, guda ɗaya ƙarama na iya faruwa ko a ta gaske, amma uku huɗu a kwalba ɗaya aikin gaggawa ne. Launin shuɗin ma ki duba yadda yake sauka daga duhu zuwa haske, ya kamata ya narke a hankali ba tare da kin ga inda ya fara ba, ba a ga iyaka kamar an ja layi ko ɗigo-ɗigon fenti ba. Sannan ki ajiye ta a kan tebur ko tayil ki taɓa kafaɗarta, in tana rawa gindin bai daidaita ba.

Girma ma yana kama su wani lokaci. Ƙaramar Sauvage da aka saba 60 ml ce ba 50 ba, to ranar da wani ya kawo min mai 50 ml ko buɗewa ban yi ba.

Sai famfon fesawa da ɗan siririn bututun da ke ciki. A ta gaske bututun siriri ne garau, in yana cikin ruwa da ƙyar ki gan shi, tsawonsa kuma daidai gindi da ɗan lanƙwasa kaɗan. A jabu za ki gan shi fari-fari mai kauri, wani lokaci ya yi tsawo har ya kwanta a gindi kamar taliya. Feshin na gaske hazo ne mai laushi mai faɗi, kuma kan famfon yana sauka sumul, na jabu ko ya tsarto kamar sirinji ko ya bar jiƙa a wuyan kwalba da yatsanki. Sabuwar kwalba da ba a taɓa fesawa ba, dannawar farko da ta biyu iska ce ke fita kafin turare ya hau bututun. In an ce miki sabuwa ce dal kuma dannawar farko ya fito, wani ya riga ki.

Wannan ya kawo ni kan nau'in da ya fi ba ni tsoro, wanda ni kaina ya taɓa ci na. Shekarun baya wani dila a Dubai, ba zan kama suna ba, ya haɗa min wasu 'yan kwalabe ya ce ragowar kanti ne ba kwali, farashi mai daɗi. Na duba murfi lafiya, gilashi lafiya, lamba ta yi daidai da shekarar nau'in, komai tsaf, don kuwa kwalaben na gaske ne. Sai da wani kwastoma na, dattijo mai mutunci, ya dawo bayan kwana uku ya ajiye min a kan kanta ya ce "Alhaji wannan kafin in isa masallaci ya gudu." Na ɗauko gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, na zare zoben wuyan, sai ga bakin ƙarfen da ke damƙe famfo a wuyan kwalba duk ya yi tabon filaya. Ashe kwalaben da suka ƙare ake tattarowa, a ɓanɓare famfon a ɗura wani ruwa a sake matsewa. Injin kamfani yana matse bakin nan ne zagaye guda sumul, hannu ba ya iya mayar da shi haka, dole ki ga lotsawa ko ƙarcewa, ko famfon yana juyawa in kin murɗa, ko wani ɗan danshi da ƙamshi a wuyan alhali ba a fesa ba. Na mayar wa dattijon kuɗinsa, sauran kwalaben ni na sha asararsu. Kuma abin ya ƙara sauƙi ga macuta yanzu, don tun wajen 2021 Dior ta fara fitar da kwalaben Sauvage da ake kwance kansu a sake cikawa, to irin waɗannan ko filaya ba a buƙata. Shi ya sa kwalba tsirara ba kwali ba leda, ko ta gaske ce, abin da ke cikinta sai an gwada.

Gwajin ruwan ba wuya. Ki fesa a farar takarda ko tishu ki bari minti goma, na gaske yana bushewa ya bar ɗan alama kaɗan ko ma babu, in ya bar maiƙo shararra kamar an ɗiga man gyaɗa ko launi ya fito, an yi haɗi. Sannan ki bi ƙamshin da agogo. Jabu gwanaye ne a minti biyar na farko, don shi mai saye yake shinshinawa a shago, to nan suke zuba ƙoƙarinsu. Sauvage na gaske yana buɗewa da ɗan kaifin lemo da yaji-yaji kamar masoro, in an jima ya kwanta ya koma wani ƙamshi mai ɗumi da ke kama riga har washegari, a Eau de Parfum har da ɗan zaƙin banila a ƙasa. Na jabu bayan awa ɗaya ko biyu sai ki ji wayam, ko ya bar wani wari kamar na sabulun wanki. Wannan abin da ake yi na girgiza kwalba a ƙirga daƙiƙa nawa kumfa zai yi kafin ya mutu, ni dai ban ɗauke shi hujja ba, na ga na gaske da ya faɗi gwajin na ga jabu da ya ci. In da hali, maigida ya biya wani babban kanti da ke da testa na gaske, ya fesa ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, zuwa la'asar hancinsa zai gaya masa.

Batun "testa ne" kuma, Hajiya, wannan kalma ta ci kuɗin mutane da yawa. Testa na gaske akwai shi, kwalba ce da kamfani ke ba kantuna don masu saye su gwada, ruwan ciki ɗaya ne da na sayarwa babu ragi babu ƙari, yawanci a farin kwali ko ruwan ƙasa mara ado, da rubutun cewa ba na sayarwa ba ne. Amma ki yi tunani, kanti guda testa nawa zai samu? To ta yaya za a ce kowace mai saida kaya a waya tana da katan-katan na testa, kowane suna kike so akwai? Masu jabu sun gano cewa farin kwali ya fi arha bugawa, kuma kalmar tana ba su amsar tambaya biyu lokaci guda, me ya sa ba kwali mai kyau, me ya sa arha. Wai kuma testa ya fi ƙarfi, wannan ma zance ne. Sauvage Eau de Parfum 100 ml a kantin Dior ya haura dala 100 nesa ba kusa ba, ki buga da canjin yau ki gani, ko testa ne ko ragowar kanti ba wanda zai sayo shi ya biya kuɗin jirgi ya ba ki a dubu 35 ya ci riba.

Bakod ma, wato layukan nan baƙaƙe masu lambobi a ƙasa da ke jikin kwali, kar ya ruɗe ki in wata rana aka kawo mai kwali. Na Dior yana farawa da 334890, kuma lambobin da suka fara daga 300 zuwa 379 rajistar Faransa ce, 629 ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. In kika ga kwalin Dior da 629 ko wata lamba daban to an kama shi, amma in ya yi daidai bai wanke shi ba, hoto ne kawai, kowa na iya kwafa. Haka nan akwai kaya na gaske da za ki ga an yanke ko an kankare wata lamba a kwalin an liƙa sitika, dillalan bayan fage ne ke yin haka don kar kamfani ya gano wane wakilinsa ne ya karkatar da kayan. Irin wannan ba lallai jabu ba ne, amma ni in lambar kwalbar kanta aka kankare ba na saye, don an cire min abin da zan yi lissafi da shi.

Ban ce lallai mai kawo miki kaya ta san abin da ta sayar ba fa, da yawansu su ma haka aka gaya musu a inda suka saro, kuma da zuciya ɗaya suke maimaitawa. Ki kira ta cikin mutunci, ki nuna mata abu ɗaya kawai, kwalba ta ce Eau de Parfum, lamba ta ce 2015, shi kuma wannan nau'in 2018 ya fito, ta bincika da kanta a wayarta. In mai gaskiya ce za ta karɓa ta mayar wa wanda ya ba ta. Kafin nan maigida ya dakata da fesawa a fata, musamman wuya da hammata, don ba wanda ya san irin sifirit ɗin da aka ɗura, na ga waɗanda irin wannan ya fesa wa ƙuraje da ƙaiƙayi, wani kuma ciwon kai. In kuɗin ya dawo kuma ba a shirya sayen na Dior ba, gara ki saya masa na Dubai mai sunan kansa, misali Asad na Lattafa da ya ɗauko hanyar Sauvage Elixir, kamfani ne sananne da ya rubuta sunansa da ranar haɗawa a jiki bai ce shi Dior ba ne. Sai dai shi ma Asad ɗin yanzu ana yin jabunsa saboda yadda yake tafiya, to ki duba sitika mai walƙiya ta kamfanin a kwali, ki haɗa lambar kwali da ta gindin kwalba tun a gaban mai kayan kafin ki tura kuɗi.